Ƙullutu biyu a wuya ɗaya: dalilin da ya sa aka cire ƙaramin aka bar babban

Matar tana da shekara 36 da 'ya'ya biyar, daga wani ƙauye a yankin Argungu. Ba zan kama sunanta ko na ƙauyen ba. Mijinta, manomin shinkafa, shi ya kawo ta wurinmu a Birnin Kebbi saboda kumburin da ke gefen hagu na gaban wuyanta, wanda ta ce ya kusa shekara uku yana nan. Ba ya mata ciwo, bai hana ta haɗiya ba, bai toshe mata numfashi ba ko da ta kwanta rigingine, muryarta kuma garau. Abin da ya dame ta shi ne ya fara fitowa fili, har mata suna yi mata jaje a wurin biki cewa maƙoƙo ya kama ta. An taɓa kai ta wurin wanzami, ga tabon tsaga nan ƙanana a kan fatar, amma kumburin bai motsa ba.

Na ba ta ruwa ta kurɓa ina kallon wuyan. Kumburin ya yi sama da haɗiyar ya dawo, alamar cewa a jikin tayirod yake, wato ƙwayar nan da ke manne a gaban maƙogwaro mai ɓangare biyu, dama da hagu, wadda ke samar da sinadarin da ke daidaita zafin jiki da bugun zuciya da kuzari. Da na taɓa, na ji shi da laushi, yana motsi, bai kama naman da ke kewaye ba. Babu kaluluwa a gefen wuya. A ɓangaren dama hannuna bai ji komai ba. Na tambayi abubuwan da ke ɗaga hankalin likita: ko ya yi girma farat ɗaya cikin 'yan watanni, ko muryarta ta taɓa dushewa ba tare da mura ba, ko wani a danginta ya yi ciwon dajin wuya, ko an taɓa gasa mata wuya da na'urar asibiti tana ƙarama. Duk ta ce a'a.

Mafi yawan irin waɗannan ƙullutai ba ciwon daji ba ne. Idan aka tara masu ƙullutun tayirod, tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 ne kawai ake samun nasu daji ne, kuma idan aka bi manyan mutane masu lafiya da na'urar sikan, kusan rabinsu za a ga wani ɗan ƙullutu da ba su san da shi ba. Saboda haka aikin likita a nan shi ne tacewa, ya ware 'yan ƙalilan ɗin da ke buƙatar wuƙa daga ɗimbin waɗanda ba sa buƙata.

Gwajin farko na jini ne, wanda ake rubutawa TSH, wato sinadarin da ke umartar tayirod ya yi aiki, wanda ke raguwa idan aikin tayirod ya yi yawa. Idan ya yi ƙasa sosai, to wataƙila ƙullutun ne ke zubo sinadari fiye da kima, kuma irin wannan mai yawan aiki da wuya ya zama daji, don haka ba a gaggawar soka masa allura, wata hanya daban ake bi. Nata ya fito 1.8, a tsakiyar ma'aunin da ake ɗauka daidai, wato kimanin 0.4 zuwa 4. Sai aka wuce zuwa sikanin.

Ta zo da takardar wani sikanin da aka yi mata a baya a wani wuri. Layi biyu ne kacal: akwai maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle, babban ya kai santimita 3. Irin wannan takarda tana ɓata mini rai, domin talaka ya biya kuɗinsa amma ba a gaya masa komai da idonsa bai riga ya gani ba. Sikanin tayirod mai amfani dole ya ɗauki kowane ƙullutu shi kaɗai, ya faɗi inda yake, ya auna shi ta fuska uku, ya siffanta cikinsa da bakinsa, sannan ya leƙa gefen wuya ko akwai kaluluwar da ta canza kama. Na roƙi mijin ya daure a sake, ya amince.

Sabon sikanin ya nuna ƙullutu biyu. Na hagu, wanda ya kawo ta, santimita 3.3 ne, kuma cikinsa cike yake da 'yan ramuka ƙanana masu ruwa, fiye da rabinsa duk haka yake. Wannan siffa ta soso tana cikin alamomin da suka fi kwantar da hankali a duk hoton tayirod. Na dama, wanda babu wanda ya san da shi saboda yana can baya a lulluɓe, santimita 2.2 ne. Nama ne zalla babu ruwa, kuma a hoto ya fi naman tayirod ɗin da ke kewaye da shi duhu. Bakinsa sumul, faɗinsa ya fi tsayinsa, babu ɗige-ɗige farare a cikinsa.

Akwai tsarin ba da maki da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar a 2017, ana ganinsa a takardun sakamako da sunan TI-RADS. Abu biyar yake dubawa: abin da ƙullutun ya ƙunsa, duhunsa ko haskensa, siffarsa, bakinsa, da fararen ɗige-ɗigen da ke ciki. Mai ruwa zalla ko mai siffar soso ba shi da maki ko ɗaya, nama zalla yana da 2. Wanda haskensa ya yi daidai da na kewayensa ko ya fi shi yana da 1, wanda ya fi kewayensa duhu yana da 2, mai tsananin duhu 3. Wanda ya miƙe daga gaba zuwa baya har tsayinsa ya fi faɗinsa yana da 3, domin ƙari mai lafiya yakan bi shimfiɗar nama ya baje, shi kuwa mugu yakan keta ta. Baki mai cako-cako yana da 2, ƙananan ɗige-ɗige farare kuma 3. Idan aka tara, maki 3 shi ne TR3, daga 4 zuwa 6 TR4, daga 7 zuwa sama TR5. Sai girma ya shigo daga baya: ana soka wa TR5 allura idan ya kai santimita 1, TR4 idan ya kai 1.5, TR3 kuwa sai ya kai 2.5.

Da wannan lissafi, na hagu bai samu maki ko ɗaya ba, don haka duk girmansa ba ya buƙatar allura. Na dama ya samu 2 na nama da 2 na duhu, jimla 4, ya zama TR4, kuma ya wuce santimita 1.5. Shi ne za a soka.

Mijin bai gamsu ba. Ya ce, “Likita, wanga da kowa ka gani shi muka kawo. Mi ya sa za a bar shi a koma ga wanda ba mu san da shi ba?” Na juya masa allon na'urar na nuna masa biyun, na ce, “Malam, girma ba shi ne mugunta ba. Wannan babban ruwa ne ya fi yawa a cikinsa. Wancan ƙaramin nama ne tsantsa, shi nake son in san asalinsa.” Da an bi hanyar da aka daɗe ana bi, a lalubi kumburin da hannu a soka allura inda ya fi tudu, da na hagu za a samu, sakamako ya fito lafiya lau, a sallame ta da na dama a wuyanta. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake dagewa a yi allurar ana kallon na'ura.

Mahaifiyarta, wadda ta biyo su a zuwa na biyu, ita ta kawo maganar da na saba ji: wai idan ƙarfe ya taɓa daji sai ya fusata ya bazu. Na ce mata, “Inna, allurar nan ba ta kai kaurin wadda aka ɗebi jininta da ita ba. Yaɗuwar cuta ta hanyarta abu ne da ba a cika gani ba ko kaɗan. Abin da ke sa daji ya bazu shi ne a bar shi shekara da shekaru ba a san da shi ba.” Na fahimci inda wannan tsoro ya samo tushe. Mutane da yawa ba sa zuwa asibiti sai cutar ta ci ƙarfinsu, a yi gwaji, bayan 'yan watanni su rasu, sai a ɗora wa allura laifin da jinkiri ya yi.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Ta kwanta rigingine, aka sa matashi a ƙarƙashin kafaɗunta don wuyan ya miƙe, aka goge fatar, aka ce kada ta yi magana ko ta haɗiyi yawu na 'yan daƙiƙu. Mai na'ura yana kallon bakin allurar har ya shiga tsakiyar ƙullutun, a motsa ta gaba da baya kaɗan-kaɗan, a zare, a shafa abin da ya fito a kan gilashi. Akan yi haka sau biyu ko uku. Cikin rubu'in awa an gama, ta danne wurin da auduga, ta koma gida ranar.

Sakamakon ana rubuta shi ne da tsarin Bethesda, mai hawa shida. Na farko: samfurin bai isa a ce komai ba. Na biyu: lafiyayye. Na uku: akwai 'yan ƙwayoyin da ba a gane kansu ba. Na huɗu: ƙari irin na folikula, wato 'yan jakunkunan da ke cikin naman tayirod. Na biyar: ana kyautata zaton daji ne. Na shida: daji ne. Nata ya dawo a hawa na farko, domin jini ne ya cika gilashin. Kafin likitan da ke duba nama a madubi ya yarda samfur ya isa, sai ya ga aƙalla gungu 6 na ƙwayoyin tayirod, kowane gungu da ƙwaya 10 ko fiye, kuma bai samu hakan ba.

A nan ne ake asarar marasa lafiya da yawa. Wani ya karanta wa mijin takardar a gida ya ce masa ba a ga komai ba, suka yi hamdala, suka zauna. Sai da ma'aikaciyar jinya ta kira lambarsa ta ji dalilin shirunsu. “Ba a ga komai ba” da “an duba babu cuta” maganganu ne biyu daban, kuma ƙullutu mai nama zalla da bai ba da samfur ba dole a sake shi. Bayan 'yan makonni suka dawo. A wannan karon ba a zuƙa da sirinji ba, aka bar ƙwayoyin suka hau siririyar allurar da kansu, dabarar da ke rage jini a ƙullutun da ke da yawan jijiyoyi. Samfurin ya yi kyau: ƙwayoyi masu yawa, sun cunkushe a 'yan zobba ƙanana iri ɗaya, ruwan ɗanko da ake gani a lafiyayyen tayirod kuma kaɗan ne. Hawa na huɗu.

Wannan hawa shi ya fi wuyar bayani, kuma shi ya sa na rubuta lamarin nan. Dajin tayirod da ya fi yawa a duniya shi ne fafilari, kuma allura tana kama shi da kyau saboda ƙwayoyinsa suna da kamannin da ke tona musu asiri. Folikula ba haka yake ba. Ƙarin folikula mai lafiya da mugunsa ƙwayoyinsu kusan iri ɗaya ne a madubi. Abin da ya raba su shi ne hali: shin ƙarin ya huda tantanin da ya kewaye shi, ko ya kutsa cikin jijiyar jini? Allura daga tsakiya take ɗebowa, ba ta ganin tantanin. Wanda ya zura hannu ya ɗebo gero daga tsakiyar rumbu ba zai iya cewa ko gara ta huda bangon ba, sai ya zagaya ya duba bangon kansa. Don haka ko an sake allura sau goma, amsar ba za ta wuce wannan ba. Kimanin uku cikin goma na masu wannan sakamako daji ne, sauran bakwai ɗin lafiya lau, kuma hanyar sani ita ce a fitar da ƙarin gaba ɗaya da tantaninsa a yayyanka a duba. A ƙasashen da ke da hali akwai gwajin ƙwayoyin gado da ke rage yawan masu zuwa tiyata, amma ba abu ne da manomi a Argungu zai kai gare shi ba.

Akwai ƙarin dalilin da ya sa ba na wasa da folikula a nan. A wuraren da aka daɗe da ƙarancin sinadarin aidin a abinci, rabon wannan nau'in cikin dajin tayirod yakan fi yawa, kuma duk da cewa an wajabta sa aidin a gishiri a Najeriya tun farkon shekarun 1990, maƙoƙo bai ƙare a ƙauyukanmu ba. Shi folikula ta jini yake tafiya, ya sauka a ƙashi ko huhu. Duk likitan tiyatar da ya daɗe a Arewa ya ga dattijuwar da ta zo da kumburi a ƙoƙon kai ko karayar da ba ta da dalili, aka bincika aka tarar tsohon maƙoƙon da ta yi shekara ashirin da shi ne tushen. Kuma tsarin makin nan ya fi ƙwarewa wajen kama fafilari. Folikula sau da yawa yakan fito a hoto da baki sumul kamar ba shi da laifi. Da ƙullutun matar nan bai yi duhu ba, da maki 3 zai samu, da ba a soka shi ba sai dai a riƙa bibiya. Shi ya sa idan aka ce wa mutum ya dawo sikanin bayan shekara, maganar tana da nauyi.

Saura tambayar wane aiki za a yi. Ana iya cire ɓangaren dama kaɗai da 'yar gadar da ta haɗa ɓangarorin biyu, ana kuma iya cire tayirod ɗin gaba ɗaya. Mijin ya fi son na biyun, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce: kuɗin aiki ɗaya yake da shi, kuma kumburin da suka zo dominsa yana hagu. Wasu abokan aiki ma za su goyi bayansa, tun da ɓangarorin biyu duk suna da ƙullutu.

Ni ban ga haka ba, kuma na faɗa musu dalilaina dalla-dalla. Wanda aka cire wa tayirod duka zai sha ƙwayar tairoksin, wadda ke maye gurbin sinadarin tayirod, kullum har ƙarshen rayuwarsa, ba fashi. Ga matar da ke nesa da kantin magani mai aminci, wadda kuma ba ta gama haihuwa ba, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, domin ƙarancin sinadarin a lokacin goyon ciki yana iya jawo ɓari, yana kuma taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Idan rabi aka cire, kusan huɗu cikin biyar ragowar rabin yakan ishe su. Na biyu, a bayan kowane ɓangare akwai jijiyar da ke motsa murya. Idan ta gefe ɗaya ta samu rauni murya ce za ta dushe, amma idan duka biyun ne, numfashi ne ke shiga haɗari. Na uku, akwai 'yan ƙwayoyi huɗu a bayan tayirod masu kula da kalsiyam na jini. Aikin gefe ɗaya ba ya taɓa biyun da ke ɗaya gefen, amma aikin duka yana iya barin mutum da tsamin leɓe da ƙagewar yatsu, wani lokaci na dindindin. Ɗaukar duk wannan kasada a kan abin da sau bakwai cikin goma ba daji ba ne, ban ga adalcinsa ba. Na kuma gaya musu gaskiyar ɗaya gefen: idan sakamako ya zo da muni, za a iya buƙatar aiki na biyu.

Na juya gare ta, domin wuyan nata ne. Na ce, “Malama, ke me kika gani?” Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, “Likita, in babban ba ya kashe ni, a bar mini shi. Maganin kullum ne ban iyawa.” Mijin ya nemi a jira ya girbe shinkafar rani ya haɗa kuɗi, kimanin wata biyu. Na amince ba tare da ɗar ba. Irin wannan ƙari ba ya gudu, jinkirin makonni ba ya canza komai. Da murya ta dushe, ko kaluluwa ta fito, ko yana girma ana gani, da amsata ta bambanta.

Kafin aikin an leƙa maƙogwaronta aka tabbatar tantanin murya biyun suna motsi. Aka cire ɓangaren dama da gadar, aka gano jijiyar muryar da ido aka kauce mata. Daren farko shi ake tsaro, saboda jini na iya taruwa a ƙarƙashin ɗinki ya matse hanyar iska, don haka kayan warware ɗinki a gefen gadonta suka kwana. Ba abin da ya faru. Ta yi magana da muryarta tun da ta farfaɗo, aka sallame ta a kwana na biyu.

Sakamakon naman ya nuna dajin folikula ne, santimita 2.3, amma mai ƙaramin kutse: ya huda tantaninsa a wuri ɗaya, bai shiga jijiyar jini ko ɗaya ba, kuma an fitar da shi da lafiyayyen nama kewaye da shi. Irin wannan, cire rabi ya wadatar, kuma kusan duk masu shi suna rayuwarsu ba tare da ya dawo ba. Da an ga ya kutsa jijiyoyin jini da yawa, huɗu ko fiye, ko ya wuce santimita 4, ko ya fita wajen tayirod, da sai a koma a cire ɓangaren hagu don a samu damar ba ta aidin mai haskawa da ke ƙone ragowar ƙwayoyin, maganin da sai an dangana da wurare irin su Abuja ko Ibadan. Da kuma sakamakon ya zo lafiyayye, kamar yadda yake zuwa ga mafi yawa, ba zan ce an yi aikin banza ba, domin babu wata hanyar sanin hakan.

Bayan mako shida TSH ɗinta ya fito 3.1, bai kai a ba ta magani ba. An rubuta mata a kati cewa da zarar ta samu ciki ta zo a sake gwajin tun a watannin farko, saboda rabin tayirod yana iya gazawa lokacin da buƙata ta ƙaru. Ƙullutun hagu yana nan, za a riƙa auna shi da sikanin sau ɗaya a shekara tare da duba gefen wuyan da aka yi aiki. Za a sake maganarsa ne idan ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 ta fuska biyu, ko kamanninsa suka canza, ko ya fara danne mata numfashi ko haɗiya, ko ya gangara bayan ƙashin ƙirji, ko kuma ita da kanta ta ce ta gaji da ganinsa. A sikanin shekarar farko santimita 3.4 aka samu, bambancin da bai wuce kuskuren awo ba, gefen dama kuma babu komai.